Malamai 12 kawai: ƙididdiga ko hira?

"Jama'a a taimaka. Kundina a kan dalilin da ya sa malaman lissafi na firamare ba sa amfani da kayan koyarwa ne. Malamai 12 nake da su a makarantu uku, wata biyu ya rage mini. A babi na uku kwantitetib zan ɗauka ko kwalitetib?"

'Yar'uwa, kwalitetib za ki yi, wato hira ba ƙididdiga ba, kuma kalmar "dalili" da ke cikin batunki ce ta yanke hukuncin. Takardar tambayoyi ta "na yarda, ban yarda ba" tana auna dalilan da ke kika riga kika rubuta ne kawai. Wanda bai zo miki a rai ba, ba zai taɓa fitowa ba.

Ga kuma yawan mutanen. A cikin 12, mutum ɗaya ya haura kashi 8 cikin ɗari. Shida suka yarda kin samu kashi 50, ɗaya ya ƙaru ya koma 58. Ranar kare kundi nan za a fara riƙe ki. Ƙididdiga tana son jama'a: a jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, mai nuna yawan mutanen da za a ɗauka a bincike, in malamai 500 ne, 217 za ki ɗauka.

Na taɓa duba kundin wata ɗaliba mai irin batunki. Ta raba takardu, kusan kowa ya zaɓi "babu kayan aiki". Da na tura ta hira, sai wani malami ya buɗe mata kabad, ga taswirori da sandunan ƙirga a cikin leda, ƙura ta rufe su. Ya ce in abu ya karye shi ake tuhuma, shi ya sa ba ya fitarwa. Malamai huɗu suka maimaita wannan magana, ita ce ta zama ƙashin bayan babinta na huɗu.

Ki shirya tambayoyi shida zuwa takwas, ki gwada su a kan malamin da ba ya cikin goma sha biyun. Hirar minti 30 ta isa, ki naɗa da izininsu, ki sakaya sunayensu. Kada ki raina kwafe hirar a rubuce: awa ɗaya ta murya takan ci awa huɗu zuwa shida, wato naki zai kai awa 24 ko fiye. Ki shiga azuzuwa biyu ko uku ki gani da idonki, don abin da malami ya faɗa ba lallai shi yake yi ba.

A babi na uku ki rubuta yadda kika zaɓo su da dalili, da yadda za ki fitar da jigogi ta matakai shida na Braun da Clarke na 2006. Ki cire hasashen da ake gwadawa da alƙaluma, ba shi da gurbi a nan. Ki kuma faɗa ƙarara cewa sakamakon na makarantun nan uku ne, ba na dukkan malamai ba. Haɗa hanyoyin biyu kuwa, a wata biyu ban ba ki shawara ba.