Fanel mai 550W a sitika: yadda ake kama ƙaryar tun daga hoto

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon sayar da ruwan sanyi a Rigasa. Wani dillali ya turo min hotunan fanel na sola guda huɗu, ya ce kowanne 550W ne, haɗe da inbata 5kVA mai batir 24V, farashin kuma da sauƙi sosai. A sitikar fanel ɗin akwai Vmp 37.4V, Imp 8.7A, Voc 45.8V, Isc 9.2A, girmansa 1956 x 992mm. Ƙananan gidajen da ke fuskarsa shuɗi ne. Zan iya gane gaskiyar kayan nan kafin in tura kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka tura kuɗin tukuna. Sitikar da kanta ta tona asirin wanda ya buga ta, kuma lissafin bai fi na wayarka ba.

Ƙarfin fanel, wanda ake rubutawa Pmax, ana samun sa ne idan aka ninka Vmp da Imp, wato bolt da amfiyar da yake bayarwa lokacin da yake aiki da iyakar ƙarfinsa. Babu wata hanya bayan wannan.

```
37.4 x 8.7 = 325W
```

Ka ga wat 225 sun yi layar zana a kowane fanel. A guda huɗu za ka biya kuɗin 2,200W ka tashi da 1,300W. Abin da ya faru a fili yake: an canza babbar lambar da mai saye ke kallo, an bar ƙananan da aka san ba kowa ke karantawa ba. Ko da ka ninka Voc, wato bolt ɗinsa idan ba a jona masa komai ba, da Isc, wato amfiyarsa idan aka haɗa wayoyinsa biyu da juna, waɗanda fanel ba ya taɓa bayarwa a lokaci guda, 421 za ka samu. A fanel na gaskiya Pmax yakan tsaya wajen kashi 75 zuwa 82 cikin ɗari na wannan adadi, ba ya haura shi har abada.

To amma ba kowane mai jabu ne rago ba. Akwai wanda zai zauna ya gyara lambobin duka, ya rubuta Imp 14.7A don lissafi ya fita daidai. A nan sai ka koma kan girman fanel ɗin, domin sitika ana sake buga ta, gilashi kuwa ba ya miƙewa. Ana auna ƙarfin kowane fanel a hasken da ya kai 1,000W a kan murabba'in mita ɗaya, da zafin digiri 25. Naka tsawon 1.956 ne da faɗin 0.992, wato murabba'in mita 1.94, don haka hasken da ke sauka a kansa gaba ɗaya 1,940W ne. Kafin ya ba da 550W sai ya mayar da kashi 28 cikin ɗari na hasken nan zuwa wuta. Sababbin fanel masu kyau da ke kasuwa suna tsakanin kashi 20 zuwa 23 ne, masu shuɗin gidaje irin naka kuwa 15 zuwa 17. Ka ɗauki kashi 17 na 1,940, za ka faɗo kan 330W, kusa da abin da lissafin farko ya ba mu. Fanel 550W na gaske yakan kai 2278 x 1134mm, nauyinsa wajen kilo 27 zuwa 28, mutum ɗaya ba ya hawa da shi kan kwano cikin sauƙi. Ka ce wa dillalin ya shimfiɗa tef na awo a kan fanel ɗin ya ɗauko maka hoto, don girman da ke sitika ma ana iya ƙara masa gishiri.

Yanzu ka buɗe hoton gaban fanel ɗin ka ƙirga gidajen nan da masu aikin ke kira sel. Ina kyautata zaton za ka samu shida a faɗi, goma sha biyu a tsawo, 72 ke nan, kowanne murabba'i cikakke mai faɗin milimita 156 ko kusa da haka, da layukan azurfa uku zuwa biyar masu kauri sun ratsa shi. Sel mai wannan girma ba ya wuce amfiya tara da ɗan ɗori, ko wane kamfani ne ya yi shi. Fanel 550W kamanninsa daban: sel ɗinsa baƙi ne ko shuɗi mai duhu sosai, an raba kowanne gida biyu sun zama 144, akwai fili siriri da ya raba fanel ɗin a tsakiya, layukan azurfar kuma sirara ne masu yawa, tara ko fiye. A bayansa za ka ga ƙananan akwatunan waya guda uku a jere a tsakiya. Idan akwati ɗaya babba ka gani can sama, tsohon samfuri ne aka yi wa sabon suna.

Ita kanta sitikar ka ja hotonta ka duba gefunanta. Wani lokaci ana ganin bakin tsohuwar takarda a ƙasan sabuwar, ko tabon gam inda aka ɓare ta. Duba sunan samfurin: galibi yana ɗauke da adadin wat ɗin, sai ka ga an bar 325 a sunan alhali an rubuta 550 a ƙasa. Kuskuren rubutu kamar Maxinum, ko lamba ɗaya da ta fi sauran kauri, duk alama ce. Manyan kamfanoni suna sa lambar fanel a gaba, ƙarƙashin gilashi inda hannu ba ya kaiwa, kuma dole ta yi daidai da ta baya ko ta gefen firem. Tambarin CE da IEC 61215 da tutar Jamus kuwa kada su ruɗe ka, duk mai injin buga takardu zai iya buga su.

Inbatar ma lissafi ɗaya ne. Nemi hoton sitikar gefenta, ka bar babban rubutun kwali. A layin AC output, 5kVA a kan 230V ya kamata ya nuna wajen 21.7A. Idan 13A ka gani, 3kVA ce, domin 230 sau 13 bai wuce 2,990 ba. A layin DC input kuma, 24V da 100A na nufin 2,400W ke nan iyakarta. Inbata 5kVA mai ba da 4,000W za ta ja fiye da 166A daga batir 24V, shi ya sa yawancin masu wannan ƙarfi 48V ne. Wannan zai shafe ka kai tsaye, don kwamfuresar firiza takan ja ninki uku ko fiye na ƙarfinta a lokacin tashi. Firiza biyu su tashi tare, sai ka ji ƙara da Overload a allo.

Iyakar hoto ke nan: yana kama ƙarya, amma ba ya tabbatar da gaskiya, tunda ana iya turo maka hoton wani fanel a kawo maka wani. Ranar karɓar kaya ka tafi da mai haɗa sola da mitarsa mai baki, wadda ke auna amfiyar DC. Masu sayarwa sun fi son nuna maka bolt, amma fanel ko rabin ƙarfi gare shi zai nuna Voc kusan cikakke. Isc za ku auna. A goge gilashin, a rufe fanel ɗin da kwali, a haɗa wayoyinsa biyu, a maƙala mitar, sannan a fuskantar da shi rana tsakanin sha ɗaya da rabi zuwa ɗaya da rabi a ɗage kwalin. A sake rufewa kafin a zare wayoyin, don kada tartsatsi ya ƙona bakin. Fanel 550W, wanda Isc ɗinsa ke wajen 14A, zai ba ku 11A zuwa sama a rana mai kyau. Idan hazon hunturu ya rufe Kaduna adadin zai sauka, don haka a ajiye wani fanel da aka san asalinsa a gefe a gwada su tare a lokaci guda. Naka, in lafiyarsa ƙalau, zai tsaya tsakanin 7A da 9A, kuma a matsayin 325W za ka yi cinikinsa idan har kana so.