Kati ya ƙi sau huɗu kafin kuɗi ya shigo: in tura kayan ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da agogon hannu ta intanet, ana biya da kati. Jiya wani sabon kwastoma ya yi odar guda 12 iri ɗaya, alhali ɗaya ko biyu aka saba saya. Biyan ya ƙi shiga har sau huɗu, sai a na biyar ya shiga. Adireshin mai katin daban, inda za a kai kayan daban, kuma sai matsa mini yake yi in tura yau. Tunda kuɗin ya shigo, akwai abin tsoro?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki dakata tukuna, kada kayan nan su bar hannunki yau.

Idan banki ya amince da biyan kati, abin da ya tabbatar kawai shi ne katin yana aiki kuma akwai kuɗi a ciki. Bai tabbatar miki cewa mai katin ne ya yi sayayyar ba. In lambobin kati aka sace, mai shi ba lallai ne ya farga nan take ba, wani sai ya duba takardar asusunsa a ƙarshen wata. Da ya gani zai kai ƙorafi bankinsa, bankin kuma ya janye kuɗin daga wurinki. Wannan ne za ki ga an rubuta `chargeback` ko `dispute` a shafin kamfanin da ke karɓar miki kuɗi. A ƙa'idojin Visa da Mastercard, yawancin irin wannan ƙorafi ana iya shigar da shi har zuwa kwana 120. Wato wata uku bayan kin manta da cinikin ana iya cire kuɗin, agogo sun riga sun tafi, kuma galibi a ɗora miki kuɗin ƙorafin a kai. Jinkirin kwana ɗaya bai kai wannan tsada ba.

Daga cikin alamun da kika gani, wadda ta fi ba da labari ita ce faɗuwar biyan, kuma ita ce masu shago suka fi karantawa sama-sama. Yawan faɗuwar bai cika damuna ba, abin da nake dubawa shi ne mene ne ya canza tsakanin gwaji da gwaji. Ki buɗe jerin biyan da suka faɗi, ki duba abu uku a kowane layi: lambobi huɗu na ƙarshen katin, dalilin da banki ya bayar, da lokacin da aka gwada.

A ce kin buɗe kin ga kati ɗaya ne duka, mai ƙarewa da 4417. Gwajin farko `incorrect_cvc`, wato an yi kuskuren lambobi ukun nan na bayan kati. Na biyu, na uku da na huɗu `insufficient_funds`, kuɗi bai isa ba. Sai aka yi shiru na minti arba'in, sannan biyan ya shiga. Wannan labarin mutum ne da ya yi tuntuɓen yatsa, ya ga asusunsa bai cika ba, ya je ya ƙara kuɗi ya dawo. Kusan kowa ya taɓa yin haka.

A ce kuma wannan kika tarar: ƙarfe 2:11 kati mai ƙarewa da 4417 ya faɗi da `incorrect_cvc`, 2:12 wani mai ƙarewa da 0932 ya faɗi da `do_not_honor`, 2:14 na uku da `expired_card`, 2:15 na huɗu da `stolen_card`, sannan 2:17 na biyar ya wuce. Katuna biyar cikin minti shida, sunayen da ke kansu ba ɗaya ba, amma imel ɗaya, na'ura ɗaya. Mai gida makullinsa ɗaya yake ta juyawa in ƙofa ta ƙi, wannan kuwa da tarin makullai ya zo yana gwadawa. In haka kika gani, ba sai kin ƙara wani bincike ba, ki soke odar. Ko da sau ɗaya `stolen_card` ko `lost_card` ya bayyana a jerin, ya isa hujja. Waɗannan sunaye irin na Stripe ne, wani kamfanin karɓar biyan kati, wasu kamfanonin kuwa lambobi suke nunawa: 51 kuɗi bai isa ba, 54 kati ya ƙare aiki, 41 an kai rahoton ɓatan kati, 43 an kai rahoton sata. Lamba 05, wadda ita ce `do_not_honor`, ba ta faɗin dalili, banki ne kawai ya ƙi, don haka kada ki yanke hukunci a kanta ita kaɗai.

Tunda kin buɗe jerin, ki ɗan leƙa baya. Idan a kwanakin da suka wuce akwai ƙananan biya masu yawa a kan abu mafi araha a shagonki, mafi yawansu sun faɗi, to ana gwada katunan sata ne a shafinki don a tantance masu rai. Babbar oda takan biyo bayan irin wannan.

Maganar adireshi ta fi sauƙin ruɗarwa, domin masu gaskiya da yawa suna yin haka: mai aika kyauta, mai son a kai masa ofis, wanda ya tashi bai sanar da bankinsa ba. Da a ce duk wanda adireshinsa ya bambanta za ki kora, da kin kori kwastomomin kirki da yawa. Akwai tsarin `AVS` da ke gwada adireshin da aka rubuta da wanda banki ke da shi, amma lambobi kawai yake kwatantawa, lambar gida da lambar gidan waya, kuma a katunan Amurka da Kanada da Birtaniya ya fi aiki. A sauran katuna sau da yawa amsar da zai ba ki ita ce ba a duba ba, wannan kuwa ba shaidar gaskiya ba ce, ba ta ƙarya ba ce.

Abin da ya fi amfani shi ne ki jera wurare uku ki ga ko sun yi ma'ana tare: ƙasar bankin da ya ba da katin, wadda lambobin farko na katin ke nunawa kuma shafinki zai rubuta miki, wurin da aka yi odar bisa lambar `IP`, wato adireshin na'urar a intanet, da wurin da za a kai kaya. Biyu su dace ɗaya ya bambanta, ba abin mamaki ba ne. Ukun su zama ƙasashe uku, a tsaya. Daga nan ki sa adireshin kai kayan a taswirar intanet ki kalli wurin. Gida ne, ofis ne, ko fili ne babu gini? In ya fito a matsayin rumbun kamfanin da ke sake tura kaya zuwa wata ƙasa, ki ƙara lura, don da zarar kaya sun shiga can, bin sawunsu ya yi wuya. Wata dabarar kuma ita ce a yi oda da adireshin mai katin na gaskiya don ta wuce tantancewa, bayan awa guda a aiko saƙo cewa an yi kuskure, a canza wurin kaiwa. Sabon kwastoma ya nemi canjin adireshi bayan biya, ni a wurina sokewa ake yi ya sake oda daga farko.

Yawan kaya kuwa da abin da kika saba gani za ki auna shi, kuma 12 a inda ake sayen biyu ninki shida ne. Duk da haka akwai 'yan sari na gaskiya, akwai kamfanin da ke saya wa ma'aikatansa kyauta. Halinsu ne ke bambanta su. Ɗan sari ba ya sayen dozin bai nemi ragi ba. Zai tambayi garanti, zai so ya san ko akwai wasu launuka, wataƙila ma ya fara da guda biyu ya gani. Wanda ba kuɗinsa yake kashewa ba bai damu da farashi ba: yana ɗaukar mafi tsada, ya zaɓi aike mafi sauri ko nawa ne, hankalinsa duk yana kan yaushe kaya za su fita, saboda tsere yake yi da ranar da mai katin zai farga. Agogo kuma irin kayan da ɓarawo ke so ne, ƙarami, mai daraja, mai saurin shiga kasuwa.

Kowace alama ita kaɗai tana da uzuri. Ke kin tara huɗu a oda guda, har da gaggawar, daga mutumin da bai taɓa saya a wurinki ba.

To, me za ki yi yanzu? Ki kira lambar wayar da ya bayar, ki tambaye shi cikin ladabi me za a yi da agogon, wa zai karɓa, kuma sunan wa ke kan katin. Lambar da ba ta shiga, ko mai amsa da ke in-ina a kan sunansa, sun ba ki amsa. Sai dai ki sani shi ne ya rubuta lambar, don haka amsa mai daɗi ba ta wanke shi. Kada kuma ki nemi ya turo hoton katin. Ana iya haɗa na bogi cikin minti kaɗan, sannan ajiye hoton katin mutane a wayarki wani nauyi ne da ba kya bukata.

Hanya mafi tsabta ita ce ki mayar da kuɗin gaba ɗaya, ki ce masa ya sake biya ta hanyar da bankinsa zai tantance shi, wato `3-D Secure`, inda ake aika wa mai katin lambar sirri ko a nemi ya amince a manhajar bankinsa. Idan biya ya bi ta nan, alhakin ƙorafin "ba ni na saya ba" yakan koma kan bankin da ya ba da katin. Bai rufe ƙorafin "kaya ba su iso ba", shi ya sa za ki riƙe lambar bin sawun aike da sa hannun wanda ya karɓa. Mai gaskiya zai ɗan yi ƙorafi ya biya. Ɗayan yakan ɓace, ko ya hau faɗa.

Wajen mayar da kuɗin akwai tarko, ki kula sosai. Kan katin da ya biya za ki mayar, ta maɓallin `Refund` na wannan cinikin. Zai iya ce miki an rufe katin, ki tura ta wani asusu. In kika yi haka kin ba shi kuɗi tsabtatacce daga aljihunki, kuma mai katin na gaskiya zai zo ya janye nasa daga baya, asara biyu ke nan.

Don gaba, ki duba ko kamfaninki na ba da damar riƙe kuɗi ba tare da cirewa ba, abin da ake rubutawa `manual capture`. Banki zai killace kuɗin a asusun mai saye na kusan kwana bakwai, ki yi bincikenki, in ba ki gamsu ba ki saki riƙon ba tare da an kai ga cire komai ba. Ki kuma sa doka a shafin cewa bayan faɗuwa uku daga imel ɗaya ko na'ura ɗaya a toshe gwaji na wasu awanni, sannan duk odar sabon kwastoma da ta haura ninki uku na abin da aka saba saya ta jira ki duba ta da idonki kafin a naɗe kaya.