Kafin ka raɗa wa abokin karatunka suna a Turkiyya

"Yaya, na samu tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, zan taso a watan Satumba. Ni a makarantarmu ta kwana ni ne sarkin raɗa suna, a aji da filin ƙwallo babu wanda ban laƙaba wa inkiya ba, kuma kowa dariya yake yi. Can ma zan iya ci gaba, ko kuwa zai jawo mini faɗa?"

Ƙanena, barka da arziki, Allah ya sa a fara a sa'a. Kar ka baro wannan baiwar a gida, taho da ita, domin shekarar farko ta koyon Turkanci za ka zauna aji ɗaya da ɗan Somaliya da ɗan Afganistan da ɗan Indunusiya da ɗan Bosniya, kowa na kewar gida, kuma suna mai daɗi yana saurin mai da baƙi 'yan'uwa. Sai dai akwai wani abu da kake jingina da shi a gida ba tare da ka lura ba, kuma shi ba zai biyo ka cikin jirgi ba.

A wajenmu wasa yana da lasisi. Babarbare ya ce wa Bafulatani bawansa, Bakano ya tsokani Bazazzagi, taubasai su yi wa juna tatas a gidan biki, jika ya ce wa kakarsa matarsa, babu mai ɗaga gira, saboda tun kafin a haife su aka shata wa zai yi wasa da wa. Ga shi kuma kunnenmu ya saba da sunayen da aka ciro daga halitta: Dogo, Jatau, Duna, Gajere. Mutum zai tsufa ana kiransa Alhaji Dogo har a katin ɗaurin auren 'yarsa. A nan Konya babu taubashinka ko ɗaya. Duk wanda ka laƙaba wa suna, kai da shi ne kawai, babu wata tsohuwar yarjejeniya da za ta tsaya maka idan abin ya ɓaci. Shi ya sa ni yanzu daga wuri ɗaya tak nake ɗebo suna: abin da mutum ya aikata da hannunsa, kuma shi kansa yake jin daɗin a san shi da shi. Jikinsa, launin fatarsa, ƙasarsu, yadda harshensa ke karya kalma, na bar su gaba ɗaya.

Ban koyi wannan a sauƙaƙe ba. Ƙwallon ɗalibai a nan ana buga ta ne a ƙaramin fili mai ciyawar roba da aka kewaye da raga, suna ce masa halisaha. Ana kama shi na awa ɗaya, yawanci da dare, a raba kuɗin tsakanin 'yan wasa. A watannina na farko muna da wani mai tsaron baya Baturke, ƙaton gaske, ba a wuce shi. Ni kuma na taso ina jin ana kiran Daniel Amokachi da sunan bijimi, ga shi ya taɓa buga wa Besiktas ta Istambul, inda ya koma a 1996, sai na ɗauka ai kirari ne da kowa zai gane. A ajin harshe an koya mana sunayen dabbobi, na riƙe kalmar okuz. Ranar da ya tare wata ƙwallo da ƙirji, na ɗaga murya na ce masa okuz, ina tafi. Filin ya yi tsit. Ya dube ni, ya ɗauke kai, mako mai zuwa bai zo ba. Ashe okuz shi ne takarkari, kuma in Baturke ya ce wa mutum haka yana nufin daƙiƙi marar tarbiyya. Bijimin da nake nufi wata kalma ce daban, bowa. Ya zauna mini a rai ƙwarai, domin na ci mutuncin mutumin da nake so in yaba. Na same shi a ɗakinsa shi kaɗai, na ba shi haƙuri, na yi masa bayanin abin da bijimi yake nufi a bakin Bahaushe. Ya karɓa, ya dawo fili, kuma daga baya abokansa suka sa masa Duwar, wato katanga, sunan da har yau yake amsawa da murmushi.

Don haka dabbobi su ne ramin farko. Zaki lafiya lau ne, aslan yabo ne a nan kamar a gida. Rago ma yabo ne, babba zai dafa kafaɗar yaro ya ce kocum, wato ragona, ka ga kuwa in ka juya shi da Hausa kunne zai iya jin raggo. Ayi, ƙatuwar dabbar nan ta daji mai gashi da Turawa ke ce wa bear, zagi ne ga mutum marar ladabi. Inek, saniya, ita ake ce wa ɗalibin da ba ya ɗaga kai daga littafi, kuma ba kowa ke ɗaukarta da wasa ba. Rami na biyu shi ne sautin kalma. Sunan Amina, yadda muke furta shi, yana kama da wata kalmar batsa a Turkanci, su Emine suke cewa. In suna mai tsarki irin wannan zai iya faɗawa haka, to inkiyar da ka ƙirƙira da Hausa fa? Kafin ka furta kowane suna a bainar jama'a, faɗa wa Turkawa biyu a keɓe, ka tambaye su me yake kama da shi a kunnensu. Biyu na ce, domin na farko yana iya jin nauyinka ya ce babu komai.

Bari in ba ka labarin sunan da ya zauna daram, ka ga yadda aka bi. Akwai wani ɗan ajinmu daga Erzurum, garin sanyi da aka san mutanensa da shan shayi. Kowane daren wasa yana zuwa da babban fulas da ƙananan kofunan gilashi a naɗe cikin tawul, in an tashi ya zuzzuba wa kowa, har da waɗanda suka ci mu. Ya koya mana shan shayi irin nasu, ka gutsuri ƙwayar sukari ka riƙe a baki kana kurɓa a kai. Abin alfaharinsa ne, da kansa yake ba da labarin shayin garinsu. Nan na san akwai suna. Da a gida ne Mai Shayi zan ce, magana ta ƙare. Na je na tambayi wani ɗan ɗakinmu yadda ake faɗa, ya ce caiji, amma ya girgiza kai. Caiji shi ne ma'aikacin da ke raba shayi a ofis ko a kasuwa, in ka kira ɗalibi haka a gaban mutane yana iya jin kamar ka mai da shi yaron aike. Muka yi ta juya abin har muka tsaya a kan Semawer, babbar tukunyar shayin nan mai famfo da iyali ke kewayewa. Ita ba a aikenta, wajenta ake zuwa.

Ban fara kiransa da shi a fili ba. Muna tafiya mu biyu zuwa tashar mota na ce masa, kai fa Semawer ɗinmu ne, ba don kai ba da sanyi ya watsa mu. Ya tuntsire da dariya har yana riƙe cikinsa. Bayan kwana biyu na sake faɗa a gaban mutum uku. Sai na ja bakina na jira. Da mako ya zagayo, shi da kansa ya rubuta a zauren WhatsApp na ƙungiya cewa Semawer zai makara minti goma, kar kowa ya tafi bai sha ba. Daga ranar sunan ya zama nasa. Wannan ita ce alamar da nake nema kullum, mai suna ya ɗauka ya kira kansa.

Alamar akasin haka tana da wuyar gani, saboda baƙo a ƙasar mutane yakan yi dariyar dole don kar a ce ba shi da wasa. Ka lura da idonsa. Wanda sunan ya yi wa daɗi yana waiwayowa nan take, sau da yawa ma ya rama da nasa. Wanda ya yi wa ciwo yana jinkirin amsawa, ko ya yi murmushi yana kallon ƙasa, ko ya fara zama nesa da kai a ɗakin cin abinci. Idan dariyar 'yan kallo ta fi ta mai sunan ƙarfi, janye shi a ranar, kuma kai da ka ƙirƙira kai za ka fara komawa ga sunansa na yanka da babbar murya don sauran su bi. Ayar Suratul Hujurati da ta hana jifan juna da miyagun laƙubba ka san ta tun a Islamiyya. Ka tuna kuma yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da Sayyidina Ali kwance a masallaci ƙasa ta ɓata masa jiki, yana kakkaɓe masa yana kiransa Abu Turab, har ya zama babu sunan da Ali ya fi so kamarsa.

Maganar launin fata kuwa kar ka kusance ta ko da mai ita ya ce ya yarda. A 2019 Bernardo Silva na Manchester City ya wallafa wani hoto yana tsokanar amininsa Benjamin Mendy, ya kwatanta shi da zanen baƙin yaro na jikin kwalin wata alewa. Abokai ne tun suna Monaco, Mendy bai yi fushi ba, amma hukumar ƙwallon Ingila ta dakatar da Silva wasa ɗaya ta ci shi tarar fam dubu 50. Abin da aka rubuta yana fita daga hannun mutum biyu, ya isa gaban wanda bai san amincinku ba.

Kai ma za a raɗa maka, ka shirya. Wani zai ce maka cikolata, wato cakulan, yana ganin so ne. In bai kwanta maka ba, faɗa masa tun ranar farko cikin sanyin murya, kai da shi, domin in ya kwana bakwai ya bi bakin mutane cire shi sai an sha wuya. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ba su wani abin riƙewa. Ni robar yajin ƙuli nake shiga da ita ɗakin cin abinci, ina barbaɗawa a miyarsu ta adas, wani irin ƙaramin wake. Wani ya ɗanɗana, idonsa ya kawo ruwa, yana fifita baki yana cewa aji, aji, kalmarsu ta abu mai zafi a harshe. Na ce masa ai mu ma yaji muke cewa. Tun daga ranar nake Aji, sabbin ɗalibai kuma suna ƙara abi a baya, wato yaya, saboda a nan ba a kiran na gaba da suna tsirara. Wannan ma ka riƙe: 'yan ajinka da abokan ƙwallo su ne filinka, malami kuwa hoja ne, 'yan mata kuma ka bar su da sunayensu sai in su suka ba ka wani.

In kana haɗa kaya ka sako yajin da yawa, a ɗaure shi da kyau cikin jakar da za a auna. Nawa ya kusa ƙarewa, kuma Semawer ya riga ya tambaye ni ko mai zuwan zai taho da shi.