An yi wa sarƙata kuɗi, ta yaya zan san ko an kyauta min?

"Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da saitin gwal na Saudiyya, sarƙa da 'yan kunne, giram 30, an rubuta 21K a jiki. Sarƙar ta tsinke, ina so in sayar. Wani mai shago ya taya min miliyan huɗu. Ta yaya ake lissafin nan ne?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Na daɗe ina saye da sayar da gwal, kuma shawarata kada ki yarda a yanka miki kuɗi a dunƙule. Ki sa mai saye ya faɗa miki abu uku daban-daban: nauyi, karat, da abin da zai cire na tacewa.

Ki sani tun farko, kuɗin ƙira da kika biya ranar saye ya tafi. Wanda zai narkar ba ruwansa da kyan ado, zinaren da ke ciki yake saye.

A auna a gabanki a sikelin da ke nuna ɗigo biyu bayan giram, ki ga ya koma sifili kafin a ɗora. In akwai duwatsu a ɓamɓare su a auna, kada a yi musu ƙiyasi da ido, don ƙiyasin mai saye ba ya faɗowa ta ɓangarenki. Maƙullin sarƙa ma akwai ɗan sifirin na ƙarfe a ciki, shi ya sa maganaɗisu kan ja shi, wannan ba ya nufin sarƙar jabu ce. Mu ce duwatsunki sun ci giram 2, saura 28.

Karat ne inda ake yawan cutar mutane. Tsantsar zinare shi ne 24. Na 21 kashi 21 ne cikin 24, wato 875 cikin dubu, shi ya sa za ki ga an buga 875 a wasu kayan. Na 22 ana buga masa 916, na 18 kuma 750. Amma tambarin shaida ce kawai, sai an gwada. Ana goga kayan a baƙin dutse ya bar layi, a goga wani gwal da aka tabbatar 21 ne kusa da shi, sannan a ɗiga ruwan asid ya ratsa layukan biyu. In naki ya dushe ya bar ɗayan yana nan, bai kai 21 ba. In sun tsaya tare, ya kai. Ki tsaya ki kalla da idonki, kuma ki nemi a goga jikin sarƙar, ba wurin mahaɗa ba, domin abin da maƙeri ke liƙe mahaɗa da shi yakan gaza sauran jikin karat. Injin gwaji da wasu shaguna ke da shi ya fi dutse faɗin lamba daidai, sai dai fatar waje kawai yake karantawa, don haka awarwaro mai kauri sai an ɗan kankare shi a ga ciki.

Yanzu lissafi. Ki duba farashin duniya na ranar, na oza ne da dala, kuma ozar zinare giram 31.1 ce. Ki raba da 31.1, ki juya zuwa naira da canjin ranar. Don sauƙin misali mu ce giram ɗin tsantsa ya kama naira 200,000, ke sai ki sa na ranarki.

28 × 0.875 = giram 24.5 na tsantsa
24.5 × 200,000 = naira 4,900,000

Daga nan ne ake cire na mai tacewa. Haƙƙinsa ne, don zai ƙona gas, ya sayi asid, wani abu ya ragu a wuta, ga kuma ribar wanda ya saya daga hannunki. Ba shi da tsayayyen farashi, ciniki ne, kuma yana raguwa in kayan na da yawa. In kun daidaita a kashi 5 cikin ɗari, 245,000 ke nan, ki tashi da 4,655,000. A wannan misalin wanda ya taya miliyan huɗu ya cire 900,000, sama da kashi 18 cikin ɗari, wannan kam ya yi yawa.

Abin da ke ɓata min rai shi ne cirewa sau biyu. Sai a ce miki "Hajiya wannan bai cika 21 ba, a 18 za mu sa shi", sannan a sake cire na narkarwa. In aka sa giram 28 ɗinki a 18, tsantsar ta koma giram 21, an rage miki giram uku da rabi, naira 700,000 tun ba a zo maganar tacewa ba. Sirarar sarƙa mai mahaɗa da yawa takan ɗan gaza tambarinta, amma ba daga 21 zuwa 18 ba. In ya dage, ki ɗauki kayanki a gwada a wani shagon.

In za ki haɗa da wasu kayan, ki ware su tun daga gida, 21 daban, 18 daban, a auna kowanne shi kaɗai, don in an zuba su tare, da mafi ƙarancin karat za a yi miki kuɗi. Ki tafi da rasidin saye in yana nan, ki ji tayin shago uku a rana ɗaya, tunda farashin kan motsa kullum.

Allah ya sa a sayar da alheri.