Ruwa ya taru a kan jaririna, me ya sa sai an sa masa roba?

"Don Allah 'yan uwa, yarona wata huɗu kansa na ta girma, likita ya ce ruwa ne, wai za a sa masa roba daga kai zuwa ciki. Ba za a iya zuƙe ruwan da sirinji kawai a huta ba?"

Sannu Maman yaro, Allah ya ba shi lafiya. Ni nas ce a nan Jos, na daɗe a ɓangaren yara. Ko an zuƙe yau, kafin jibi ya dawo, don ruwan nan ƙwaƙwalwa ce ke yin abinta dare da rana, ni da ke duk muna da shi. A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai ramuka huɗu, manya biyu dama da hagu, na uku a tsakiya, na huɗu can ƙasa wajen ƙeya, a cikinsu ake yin ruwan. Babban mutum yana yin kusan mililita 500 a rana, ledar fiya wata ɗaya kenan, amma abin da ke zaune a jiki lokaci guda bai wuce kamar 150 ba, kin ga dole kullum yana tafiya.

Daga manyan biyu yake gangarowa na uku, ya bi wata 'yar siririyar hanya zuwa na huɗu, ya fito ya zagaye ƙwaƙwalwa da laka, daga nan jini ya shanye shi. To wannan siririyar ita ta fi toshewa, wani da haka aka haife shi, wani kuma sanƙarau ko zubar jini a kai ne ya bar tabo ya ɓata wajen shanyewar. Ruwa na zuwa ba wajen fita sai ramukan su kumbura su danne ƙwaƙwalwa, jariri kuwa ƙashin kansa bai haɗe ba shi ya sa kan ke buɗewa. Na ga wata yarinya da ta yi zazzaɓi mai zafi da jijjiga tun kafin suna, an haife ta da kai santimita 35, a wata uku ya kamata a ga wajen 40 amma tef ya nuna 46, maɗiga ta taso tsantsan, ido na kallon ƙasa, da ta sha nono sai amai. Danginta sun ɓata makonni ana shafe-shafe, gaskiya abin ya min ciwo.

Robar, shant muke ce mata, sabuwar hanyar fita ce ake yi wa ruwan, ta bi bayan kunne ƙarƙashin fata har cikin ciki inda jiki zai shanye ruwan. Idan toshewa ce zalla wani lokaci ana huda ƙasan rami na uku ba tare da roba ba, ki tambayi likitan ko hoton kan yaronki ya dace da wannan. In kuma an sa robar ki sani tana iya toshewa ko ta kama ƙwayar cuta, da kin ga amai, barci ya yi yawa, zazzaɓi, ko fata ta yi ja a kan layin robar, ki ɗauko shi asibiti ko da tsakar dare ne, kar ki jira ranar kilinik.