Jawabi kan ragowar magani a taron unguwa

"An ce in yi jawabi a taronmu na Garoua kan ragowar magani da wanda ya gama aiki. Da me zan fara?"

Hajiya, ki ce kowa ya zo da ledar maganin gidansa, a duba tare. Jikin kwali za su ga EXP ko PER, sannan wata da shekara. In an rubuta 03/2024, maganin ya ƙare a ƙarshen Maris na 2024. Amma kwanan wata ba shi kaɗai ba ne: amoxicillin na yara da aka dama da ruwa ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu, kuma zafin Garoua yana saurin lalata shi. Maganin ɗiga wa ido, wata guda bayan buɗewa. Ƙwayar da ta canja launi ko ta dunƙule, a fitar da ita.

Abin da aka ware, a tambayi kantin magani ko asibiti ko za su karɓa. In ba su karɓa, a ɓare ƙwayoyin, kada a daka, a cuɗa da ƙasa ko toka, a ƙulle a leda, sannan a kai shara, don kada yara ko awaki su ci, ko wani ya tsinta ya kai kasuwa. Banda zubawa a kwata ko kusa da rijiya. Banda ƙonawa a tsakar gida, musamman abin shaƙa na masu asma, domin yana fashewa a wuta.

Allura kuwa, a saka a gora mai kauri, a rufe, a miƙa wa asibiti.