Gyaran hoton amarya: yadda za ka bar wa kanka hanyar komawa baya

"Oga, hoton amaryar nan da na gyara, mahaifiyarta ta dawo da shi. Ta ce hasken fuskar ya yi yawa har ba ta gane 'yarta ba, kuma na goge tawadar Allah da ke gefen hancinta, a mayar mata. Na buɗe hoton na danna Ctrl+Z, ko motsi bai yi ba. Sai na sake aikin daga farko ke nan? Kai yaya kake yi kake gyara irin wannan nan take?"

Yaro, Ctrl+Z ba ta da laifi. Abin da Photoshop ke riƙewa a History na zaman da kake ciki ne kawai, shi ma yana da iyaka, galibi mataki 50 idan ba ka ƙara ba. Da zarar ka rufe fayil, ya tafi. Kai kuwa a kan Background ka yi komai, ka goge ƙuraje, ka ƙara haske, ka gyara launi, sannan ka adana a JPEG. JPEG ba ya ɗaukar leya ko ɗaya, wato shimfiɗun da ake ɗora kowane gyara daban a saman hoto, don haka duk aikinka ya narke ya zama abu guda.

Bari mu fara da ceto na yau. Idan hoton asali yana nan a katin kyamara, ba sai ka sake komai daga farko ba. Buɗe wanda ka gyara, ka shigo da na asali a kansa ta File > Place Embedded. Ka tabbata sun hau kan juna daidai: mayar da Blend Mode na na saman zuwa Difference a Layers, ka matsa shi har layin ido da na leɓe su daina fitowa biyu-biyu, sannan ka mayar da shi Normal. Yanzu riƙe Alt ka danna Add layer mask. Baƙin maski zai fito ya ɓoye na asalin gaba ɗaya. Ɗauki buroshi mai laushi da farin launi, ka ɗiga a gefen hancin, tawadar za ta dawo. Sai dai za ka ga fatar da ke kewaye da ita ta fi sauran duhu, domin daga hoton da ba a haska ba ta fito, sai ka bi ta da gyara. Idan kuma ka ce za ka rage hasken ta hanyar bayyana na asalin kashi 40 cikin 100 a dukan fuskar, ƙurajen da ka goge su ma za su dawo kashi 40, tunda a wuri ɗaya ka dafa su da hasken. To ka ga inda matsalar take. Don hasken, gara ka ɗora Curves, layin da ake lanƙwasawa a ƙara ko a rage haske, ka ja shi ƙasa kaɗan, ko da yake inda goshi ya riga ya ƙone ya yi fari fat, Curves ba zai dawo da ƙwayar fata ba, toka-toka kawai zai ba ka. Wannan wurin sai daga na asali.

Yanzu ga yadda nake jera nawa, daga ƙasa zuwa sama.

Background ba na taɓa shi. Yana nan a kulle kamar yadda kyamara ta ba ni. A kansa nake buɗe leya wadda babu komai a cikinta da Ctrl+Shift+N, in sa mata suna "ƙuraje". In ɗauki Healing Brush, a sama inda aka rubuta Sample in zaɓi Current & Below. Duk abin da na shafa a kan wannan leyar yake sauka, fatar ƙasa ba ta san an yi ba. Kashe idon Background ka gani: 'yan ɗige-ɗigen fata ne kawai a warwatse. Da haka ka yi, da maganar tawadar nan ba ta wuce ka sa maski a leyar ƙuraje ka ɗiga baƙi a wurin ba. Ni ma fa ba na cire tawadar Allah, ko tsagar gado, ko wushirya, sai mai hoto ta ce da bakinta. Abin da zai warke cikin mako biyu shi nake cirewa. In kuma an ce a cire tabo na dindindin, leyarsa daban nake ba shi, domin na san ana iya canza shawara idan hoto ya isa gida.

Maski shi ne abin da ya kamata ka zauna ka fahimta sosai. Fari yana bayyana abin da ke leyar, baƙi yana ɓoye shi, toka-toka yana bayyana wani kaso. Eraser yanka yake yi. Maski kuwa kamar tela ne da ya ninke ƙasan wandon yaro maimakon ya yanke, in yaro ya ƙara tsawo sai a warware. Danna D launukanka su koma baƙi da fari, danna X ka riƙa juya su: ka wuce gona da iri, X, ka shafe, X, ka ci gaba.

Kuskuren da kusan kowane ɗan koyo ke yi shi ne shafa a kan hoton leyar yana zaton a kan maski yake. Kafin buroshi ya sauka, dubi Layers ka ga wanne akwati ne aka zagaye da farin layi. Idan ka ga baƙin fenti ya fito ɓaro-ɓaro a kumatun amarya, ba a maski kake ba. Sannan ka saba da duba maskin kansa. Alt da danna shi zai nuna maka shi baƙi da fari a allo, nan za ka ga ramukan da ka tsallake a gefen kunne da ƙarƙashin haɓa. Shift da danna shi zai kashe shi na ɗan lokaci, jan gicciye ya hau kansa, ka ga yadda abin yake ba shi.

Haske kuma ba na bin Image > Adjustments, domin wannan hanyar a jikin hoton take rubutawa. Ta Layer > New Adjustment Layer > Curves nake bi, wadda take zuwa da maskinta, kuma ko bayan shekara ka danna ta za ka tarar da lanƙwasar yadda ka bar ta. Tun 1996 Photoshop 4.0 ya zo da wannan, leya kuwa tun 1994 a Photoshop 3.0, amma har yau za ka shiga situdiyo ka tarar ana aiki kamar ba a ƙirƙiro su ba. Guda biyu nake yi. Ta farko in ɗaga tsakiyar layin sama kaɗan, in sa mata "haske". Ta biyu in ja shi ƙasa, in sa mata "inuwa". Kowacce in danna maskinta in yi Ctrl+I ya koma baƙi, hoto ya koma kamar ban yi komai ba. Sai in ɗauki farin buroshi, Hardness 0, Flow wajen 3%, in riƙa shafawa a hankali: haske a ƙarƙashin ido da inda fata ta yi dabbare-dabbare, inuwa a goshin da fitila ta buga. Flow kaɗan yana nufin kowace shafa ƙara kaɗan take yi, shi ya sa ba a ganin bakin inda ka tsaya.

Hasken fata baki ɗaya, wanda kwastoma ke cewa "a ɗan fito da ni", shi ma Curves ɗinsa daban, na uku. A maskinsa kada ka tsaya a fuska. Ka haɗa da wuya, da kunne, da hannayen da aka yi wa lalle, in ba haka ba fuska za ta yi fari hannu ya tona asiri. Ka bar ido, da gira, da leɓe, da gyale a baƙi. In bakin maskin ya yi kaifi a layin gashi, ba sai ka sake shafawa ba, shiga Properties ka ƙara Feather kaɗan. Da Hajiya ta zo ta ce haske ya yi yawa, wannan leyar kaɗai zan danna, in sauke Opacity daga 100 zuwa 60 tana kallo, in tambaye ta ko ya yi. Ƙuraje ba su dawo ba, launin gyale bai motsa ba. Abin da ka ga ina yi nan take ke nan, ba wani sirri.

Jeren nan ba don ado ba ne. Leyoyin da ke ɗauke da fata, irin ta ƙuraje, a ƙasa suke zama, na haske da launi a sama. Dalili kuwa, idan ka buɗe leyar gogewa a saman Curves, ko ka bar Sample a All Layers, buroshin zai kwafo fata tare da hasken da ka ƙara. A ranar wataƙila ba za ka lura ba. Ranar da ka rage hasken, sai duk wuraren da ka goge su fito ɗige-ɗige masu haske a kan fuskar da ta yi duhu. In ka ga haka, ka san daga inda ta fito. Don haka ko a ƙarshen aiki ka hango wani ƙurji da ka manta, koma ƙasa kan leyar ƙuraje ka cire shi a can.

Akwai wani tarko da ya fi wannan, kuma masu ganin sun iya leya shi ke kamawa: Ctrl+Alt+Shift+E. Yana tattara duk abin da ake gani ya zuba a sabuwar leya a sama. Leyoyinka suna nan a ƙasa, sai ka ɗauka hanyar komawa a buɗe take. Amma wannan ta saman ta rufe su ruf. Je ka ka ja Opacity na haske har ƙasa, hoto ba zai canza ba ko kaɗan. Yawanci don Liquify ko ƙara kaifi mutane ke yin sa. Ni in aiki zai buƙaci Liquify, misali gyara zaman ɗankwali, sai in zaɓi kwafin Background da leyar ƙuraje, in yi Convert to Smart Object, in sa Liquify a kai. Liquify ɗin zai zauna a ƙarƙashin leyar da sunansa da idonsa, kana iya sake buɗe shi ko ka kashe. Leyar ƙurajen ba ta ɓace ba, danna akwatin Smart Object ɗin sau biyu za ka same ta a ciki. Kuma ka yi wannan kafin ka shafa maskin haske, domin in ka motsa haɓa daga baya, maskin yana nan inda tsohuwar haɓar take. Kaifi kuwa, a kan kwafin da za a buga nake yin sa, ba a fayil ɗin aiki ba.

Wannan tsari yana da kuɗinsa, ba zan ɓoye maka ba. Fayil yana nauyi, musamman da Smart Object, ƙaramar kwamfuta za ta riƙa jan ƙafa. PSD, fayil ɗin Photoshop mai riƙe leyoyi, ba ya wuce 2 GB, in ya kai nan sai PSB, na manyan fayiloli. Shi ya sa hoton fasfo, ko hotunan taron biki guda ɗari uku, ba na yi musu wannan hidimar duka. Amma wanda za a sa a firem, ko kalanda, ko katin gayyata, dole ne.

Adanawa kuwa fayil uku ne ga kowane hoto: na kyamara da ba a taɓa ba, PSD mai leyoyi, da JPEG na kwastoma wanda kake fitarwa ta Export As ko Save a Copy. Flatten Image ba shi da aiki a fayil ɗin aiki. Ka yi PSD ɗin tun leya ta farko, ka riƙa danna Ctrl+S, saboda ɗaukewar wuta. In za ka yanke gefe da Crop, cire alamar Delete Cropped Pixels, domin wanda ya ce 5 da 7 yau gobe zai iya cewa 8 da 10, kuma yankansu ba ɗaya ba ne.

Je ka ɗauko katin kyamarar mu ga ko na asalin yana nan. In yana nan, ka yi facin tawadar a kai wa Hajiya yau. Gobe da safe kuma ka sake hoton daga tushe a wannan jeren, ka kawo mini PSD ɗin, zan kashe idon leyoyin ɗaya bayan ɗaya in ga ko kowacce aikinta kaɗai take ɗauke da shi.